Silaid na horar da ma'aikata zuwa takardar matakan aiki: wa za ka ba aikin?

Wani mai rumfunan MoMo uku, wato rumfunan tura kuɗi da cire kuɗi ta waya, tsakanin Aboabo da Asawase a Kumasi yana da silaid da ake haska wa sababbin yara ranar da aka ɗauke su aiki. Yanzu yana son takardar da za a ajiye a kowace rumfa, yaro ya bi ta mataki-mataki ko maigida ba ya nan. Hanya uku ce a gabansa: ya fitar da ita da kansa a kwamfuta, ya kai wa masu buga takardu, ko ya ɗauko wanda ya iya rubuta irin wannan takarda.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, buɗe fayil ɗin ka duba akwatin Notes da ke ƙarƙashin kowane silaid. In mai horarwa ya rubuta bayaninsa a can, rabin aiki ya ƙare. In wayam ne, to ainihin matakan suna bakinsa, silaid ɗin tuni kawai yake yi masa.

Ga misali. Silaid ya ce: "A daidaita kuɗi kafin a rufe." Layi ɗaya ke nan. A takarda kuwa sai an faɗi wa zai yi da kuma ƙarfe nawa. Na ɗaya, ƙirga tsabar kuɗin akwati ka rubuta a littafi. Na biyu, duba kuɗin da ke cikin waya ka rubuta. Na uku, haɗa su. In da safe an buɗe da sidi 4,000 a hannu da 6,000 a waya, kuma ba a ƙara jari ko an ɗiba ba, jimilla ta dawo 10,000, ko da yanzu 7,500 ne a hannu, 2,500 a waya. Na huɗu shi ne wanda silaid ba ya faɗa: in an samu 9,850 fa? A sake ƙirgawa, a bi saƙonnin waya ɗaya bayan ɗaya ana gwada su da littafi, in giɓin bai fito ba a kira maigida kafin a sa kwaɗo. Duk hanyar da ba za ta samar maka mataki na huɗu ba, kwafi kawai ka saya.

Yi da kanka ba ya cin kuɗi. A PowerPoint na Windows, bi File, Export, Create Handouts, ka zaɓi Notes below slides, sai komai ya zubo cikin Word. Akwai kuma Outline only, amma yi hattara da shi: rubutun take da na babban akwatin silaid kawai yake ɗauka, abin da aka rubuta a ƙananan akwatunan da aka ƙara da hannu ko a jikin hoto yakan bar shi a baya. Ka gwada shafi da shafi. Wannan hanya ta dace in bayanin ƙasa ya cika kuma kai kanka ka taɓa zama a rumfa.

Masu buga takardu na bakin titi da shafi ake biyansu, kuma aikinsu kan fito tsaf, da lambobi da layuka. Sai dai abin da ka ba su shi za su dawo maka da shi. Kai musu a ƙarshe, bayan an gama rubuta matakai, kuma ka karɓi fayil ɗin Word, ba PDF kaɗai ba, don gyaran gobe.

Ƙwararren marubuci ya fi tsada, kuma shi nake ba da shawara in Notes wayam ne ko aikin na kuɗi ne. Amma a nan ake yawan ƙonewa. Tambaye shi: "Malam, za ka zo rumfa ka zauna lokacin rufewa?" In ya ce a turo masa fayil ta WhatsApp ya isa, kuɗin gwani zai karɓa ya yi aikin mai bugu. Na kirki zai tsaya kan yaron da ya fi daɗewa, yana tambaya "in kaza ya faru fa?" Ku yi ciniki a kan kowane aiki, rufewa daban, cire wa kwastoma kuɗi daban, ba a kan yawan shafi ba, don mai karɓa da shafi ja zai yi ta yi. A saman takarda a sa kwanan wata, lambar bugu da sunan wanda ya amince da ita, saboda ranar da kamfanin waya ya sauya tsarinsa a san tsohuwa a cire.

Ka riƙe cikon kuɗinsa sai an gwada. Miƙa wa sabon yaro takardar da yamma, mai horarwa ya tsaya gefe bakinsa a rufe. Duk inda yaron ya ɗago kai ya ce "Yallaɓai, daga nan fa?", sa alama da biro, a mayar wa marubuci ya cike.