Yatsa, fuska ko lamba: wanne ya dace da mai suyar ƙuli-ƙuli?

"Salamu alaikum. Na sayi sabuwar waya a Babbar Kasuwar Maradi, tana cewa in sa kulle: yatsa, fuska ko lamba. Sana'ata ƙuli-ƙuli ce, ga yara cike da gida. Wanne zan zaɓa?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka. Lambar ita ce kwaɗon gaskiya, sauran biyun gajeriyar hanya ce. Wayar ma ba za ta karɓi yatsa ko fuska ba sai kin fara sa lamba, kuma duk sanda ta mutu aka kunna, lambar za ta nema.

Ki shiga Paramètres, ki nemi Sécurité, sai Verrouillage de l'écran. Ki sa lamba 6, kada ki tsaya kan 4: mai 4 haɗi 10,000 take da shi, mai 6 kuwa miliyan ɗaya. Ban da shekarar haihuwa, ban da 123456. Rauninta ido ne. Yaro ya tsaya bayanki sau biyu, ya haddace, sannan maiƙon hannu yakan bar tabo daidai inda kike dannawa. In kika manta ta kuwa, sai an goge wayar duka, hotuna su tafi, kuma ta nemi asusun Google ɗinki kafin ta sake aiki. Rubuta ta a takarda, ki sa a akwati.

Yatsa ba mai leƙensa ya haddace, ga sauri. Sai dai na'urar tana karanta zanen fata ne, mai da ruwa suna rufe shi, hunturu ya zo fata ta tsattsage. Alamar ita ce wayar ta girgiza ta ƙi buɗewa, bayan ƴan gwaji ta koma neman lamba. Ki wanke hannu, ya bushe, ki yi rajistar yatsu biyu, ɗaya na hagu, tunda dama ce ke cikin ƙulli. Amma fa kina barcin rana, yaro na iya ɗora yatsanki a kai.

Fuska ce ta fi jan hankalin mai hannu cikin mai, ita ce kuma na fi shakka. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da kyamarar gaba kawai suke dubawa, don haka hoto ko ɗiyarki mai kama da ke na iya buɗe wasu. A duhu ko da niƙabi sai ta ƙi. iPhone mai Face ID tana auna tudu da kwarin fuska, lissafinta daban ne.

Da ni ce, lamba 6 da yatsu biyu, fuska a kashe. Lokacin suya ki ajiye tsumma kusa, kuma in za ki danna lamba gaban yara, juya musu baya.