Zuhalu ko Mushtari: wanne ke jinkirta mutum?

Idan an haifi yaro taurari suna ja da baya, wato daga duniya ana ganin kamar baya suke tafiya, malaman falaki kan bambanta Zuhalu da Mushtari. Zuhalu yakan yi kusan wata huɗu da rabi a shekara yana ja da baya, Mushtari kuwa wata huɗu. A fassararsu, Zuhalu jinkiri ne a zahiri: aure ko mallakar gona sai tauraron ya kammala zagayensa na rana, wajen shekara 29. Mushtari ba ya jinkirtawa, arzikinsa ciki yake komawa, ilimi da natsuwa. Kuskure shi ne yanke hukunci da alamar ja da baya ta ℞ kaɗai, domin a kowanne daga cikin taurarin biyu, kusan mutum ɗaya cikin uku da ita aka haife shi. Sai an duba gidan da tauraron ya sauka, wato sashen sama da yake ciki lokacin haihuwa.