Gwajin zuciya a kan injin tafiya: aikin ya yi kyau, amma kalma ɗaya ta hana ni barci kwana tara

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, shekaruna 58, ina kuma taɓa noman rani a fadama. Kusan shekara guda ina jin wani nauyi a tsakiyar ƙirjina, kamar an ɗora min dutsen niƙa, duk lokacin da na tura keke cikin rairayi ko na ɗauki injin ban ruwa. In na tsaya minti uku zuwa biyar sai ya sake ni. Mai kemis ya ce olsa ce, na sha maganin olsa har na gaji. Likitan da ke duba hawan jinina ne ya ce wannan ba ya kama da olsa, tunda aiki ke tayar da shi hutu kuma ya kwantar da shi. Ya yi min isiji, wato awon da ke zana wutar zuciya a takarda, ina kwance, bai ga komai ba, sai ya tura ni Kano a yi min gwajin da ake yi mutum na tafiya a kan inji.

Ba zan faɗi sunan wurin ba, kuɗin kuma duk wanda ya je ya sani. Gwajin kansa ba ni da abin cewa a kai sai alheri. An ce kada in ci komai awa uku kafin lokacin, kada in sha shayi ko in ci goro. Suka aske gashin ƙirjina, suka manna wayoyi goma, suka ɗaura abin awon jini a dantse. Likita ta lissafa a gabana: a cire shekaruna daga 220, saura 162, ana son bugun zuciyata ya kai kashi 85 cikin ɗari na wannan, wato wajen 138 a minti, kafin a ce gwajin ya cika. Injin yana farawa a hankali kamar tafiyar zuwa masallaci, amma da ɗan tudu. Duk bayan minti uku sai ya ƙara sauri ya ƙara tudu. A minti na biyar nauyin nan ya zo, na faɗa mata, ta ce in ci gaba in zan iya. Na ci gaba har minti bakwai, ƙafafuna suka gaza, aka tsayar. Bugun ya kai 141. Suka zaunar da ni da wayoyin a jiki, suna ta kallon allo har wasu mintoci.

A nan ne abin ya ɓaci. An kira likitar da gaggawa zuwa wani ɗaki, sai wani yaro ma'aikaci, sa'an ɗana na biyu, ya miƙo min ambulan. Na ce, "Ɗana, me aka gani?" Ya leƙa takardar ya ce, "Baba, fozitif ne. Jijiyoyin zuciyarka sun toshe, sai dai aiki. Ka dawo ranar asibitin zuciya." Ya juya ya kira na bayana. Ranar da ya faɗa kuwa saura kwana tara.

Wallahi ban san yadda na kai tasha ba. A mota ina ta lissafin wanda nake bi da wanda yake bi na. Da na isa gida na rubuta basussukan a bayan littafi, na kira ƙanena na nuna masa iyakar gonaki. Uwargida ta ga na daina zuwa fadama, ko buta ba na yarda in ɗauka cike. Da dare in na ji zuciyata ta buga da ƙarfi sai in tashi zaune ina salati. Mutuwa dole ce, mun sani, amma a ce wa mutum zuciyarsa ta toshe a sallame shi ba ƙwayar magani ko ɗaya, ba a ce masa ga abin da zai yi in ciwon ya taso ba, wannan ba daidai ba ne.

Ranar da na koma, likitar nan ta wanke min zuciya, Allah Ya saka mata da alheri. Da ta ji abin da aka faɗa min sai da ta dafe kai. Ta ce, "Malam, wannan injin ba ya ganin jijiya ko ɗaya. Wutar zuciya kawai yake zanawa." Ta shimfiɗa takardar ta nuna min wani ɗan gajeren layi da ke biyo bayan kowane bugu, wanda suke kira ST. Ina kwance layin yana daidai. Da na kai minti na shida ya sauka ƙasa da milimita ɗaya da rabi, kuma a shimfiɗe. Ta ce in ya sauka milimita ɗaya ko fiye, a shimfiɗe ko yana gangarawa, shi ne suke cewa fozitif. Ma'anarsa ita ce akwai alamar naman zuciya bai samu isasshen jini ba lokacin da aiki ya yi yawa.

Na gane maganar ne da tiyon ban ruwa. In laka ta taru a cikin tiyo ta rage faɗinsa, ruwan da zai wuce ya isa fangali biyu ko uku, ba ka ma sanin akwai matsala. Sai ka buɗe wa gona duka ka ga ruwa ya kasa. Haka jijiyoyin da ke ciyar da zuciya suke in maiƙo ya taru a bangonsu. Ta ce yawanci sai tsukewar ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na faɗin jijiya kafin jini ya kasa a lokacin aiki. To tsukewa daban, toshewa daban. Abin da yaron ya faɗa min babu shi a takardar.

Ta ƙara da abin da ban yi zato ba, cewa gwajin yana kuskure ta fuska biyu. A cikin masu tsukewa ta gaske, kusan biyu cikin uku kawai yake kamawa. A cikin waɗanda jijiyoyinsu lafiya lau, wajen ɗaya cikin huɗu yana iya fitowa fozitif. Hakan ya fi faruwa ga mata, da wanda hawan jini ya kaurara masa naman zuciya, da mai ƙarancin jini, da mai shan maganin zuciya digozin. Na ce, "Likita, ashe nawa ma yana iya zama kuskure?" Ba ta ruɗe ni ba. Ta ce ga namiji mai shekaruna, mai hawan jini, wanda ciwonsa ke zuwa da aiki ya tafi da hutu, kuma ciwon ya taso a kan injin tare da saukar layin, abin da ya fi rinjaye shi ne akwai tsukewa. Abin da gwajin bai faɗa ba shi ne wace jijiya ce, guda nawa ne, kuma ta kai ina.

Sai ta nuna min cewa fozitif ma hawa-hawa ne. Da layin ya sauka milimita biyu ko fiye tun mintocin farko, ko awon jinina ya faɗi maimakon ya hau, ko layin ya ƙi komawa daidai bayan minti biyar da hutawa, da ba ta bar ni na koma ƙauye ba sai an gaggauta. Awon jinina ya hau daga 140 zuwa 175, layin kuma ya koma cikin minti uku. Ta yi wani lissafi da suke kira makin Duk: mintocin da na yi, a cire saukar layin sau biyar, a cire huɗu saboda ciwon ya zo amma ba shi ya tsayar da ni ba.

7 − (5 × 1.5) − (4 × 1) = −4.5

Ta ce biyar zuwa sama haɗari kaɗan ne, −11 zuwa ƙasa haɗari ne babba, ni ina tsakiya. Masu tsakiya su ne ake ƙara wa bincike.

A ranar ta sa aka yi min eko, hoton zuciya na sauti. Zuciyar tana matsawa da kyau, bangon ne ya ɗan yi kauri. Aka auna yawan jini, suga, maiƙo da ƙoda. Ta fara min asfirin ƙarami, da atobastatin na rage maiƙo, da bisofurolol mai rage saurin bugu, da wata 'yar ƙwaya ta sa wa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso, a zaune, don tana saukar da jini. Ta kalle ni ta ce kada in kuskura in haɗa ta da maganin ƙarfin maza, jini na iya faɗuwa warwas. Ta ce in ciwon ya zo ina zaune ba aiki, ko ya ƙi tafiya bayan ƙwayar, ko ya zo da gumi da amai, in nemi mota ko da tsakar dare ne.

Kun ga duk wannan bai ɗauke ta rabin awa ba. Kuma da na tuna sai raina ya sake ɓaci. Waɗannan magunguna da wannan gargaɗi su ne abin da ya kamata in tafi da su ranar farko. Kwana tara na yi da jijiya tsukakkiya, nesa da babban asibiti, ba asfirin, ba ƙwayar ƙarƙashin harshe, da tsoro cike da ciki. Da wani abu ya faru a kwanakin nan, ban san me zan yi ba, iyalina ma ba su sani ba. Don haka duk yabon da nake wa likitar, ba zan iya yaba wa wurin gaba ɗaya ba.

Bayan wata biyu, da na sayar da riɗi 'yan'uwa kuma suka taimaka, aka yi min anjiyogiram, hoton jijiyoyin zuciya. Ta jijiyar wuyan hannu suka zura siririn bututu har zuciya, suka tura ruwan da ke fitowa a hoto, ina farke. Dalilin awon ƙodar ke nan, don ruwan yana iya wahalar da ita. Aka ga jijiyar dama ta tsuke wajen kashi 70 a wuri ɗaya. Babbar jijiyar hagu, wadda suka fi tsoro, lafiya lau. Likitan ya ce tunda jijiya ɗaya ce, zuciya na da ƙarfi, ciwon kuma ya lafa da magani, ba a ga cewa saka ƙarfen buɗe jijiya yana ƙara wa irina tsawon rai fiye da magani ba, amfaninsa rage ciwo ne. In nauyin ya dawo duk da magani, sai a saka. Aikin da yaron ya ce dole ne, ba wanda ya sake ambatonsa.

Yanzu ina zuwa fadama da ƙafa, minti talatin, ƙwayar tana aljihun gaba na rigata, injin ban ruwa kuwa yara ke ɗauka. Maƙwabcinmu da aka tura wannan gwaji a watan jiya, na ba shi kwatancen wurin domin injinsu da likitarsu na ƙwarai ne, amma na ce masa kada ya karɓi ambulan a hannun kowa ya fito, ya zauna a benci har likita ta dawo ko da la'asar ce. Ya zauna awa biyu, ya dawo gida da magungunansa a ranar.