Teburin lissafin haya da na saya, da wanda na ƙare da haɗawa da hannuna

Baffana yana da fulat takwas a Kano, huɗu a Hotoro, huɗu a Naibawa, kuma shekara da shekaru lissafinsu na cikin wani littafi mai jan bango da ke zama a aljihun motarsa. Da idonsa ya fara rauni sai ya miƙo mini littafin ya ce, "Ke da kike aikin kwamfuta, ki sa mini wannan a waya. Abu uku nake so in gani: wa nake bi, yaushe kuɗin kowa zai cika, kuma ɗaki nawa ne babu kowa."

Don gudun wahala na sayi wani shiryayyen tebur a intanet, irin wanda ake buɗewa a Google Sheets. Na yi wata biyu ina amfani da shi kafin na ajiye.

Ba zan ci amanarsa ba, yana da kyan gani. Wanda ake bi bashi sunansa ya yi ja, wanda ya biya ya yi kore, a sama kuma ga jimillar kuɗin da ake tsammani. Matsalar ita ce an ƙera shi ne don inda ake biyan haya wata-wata, kowa a farkon wata. Mu kuwa hayarmu ta shekara ce, ana biya kafin a zauna, kowa da ranar da ya shiga, kuma ba kowa ke kawo kuɗin dunƙule ba. Wani zai kawo rabi ya ce sauran sai bayan Sallah. Teburin ya ba kowane fulat layi ɗaya tak, da akwati ɗaya na "abin da aka biya". In sabuwar shekara ta kama, dole ka goge na bara ka rubuta na bana a kansa.

A nan ne naira 50,000 ta kusa salwanta. Mai haya a fulat A3 ya shiga ran 15 ga Maris 2024 a kan 600,000. Ya ba da 400,000, daga baya ya ƙaro 150,000, saura 50,000. A Maris 2025 Baffa ya mai da hayar 700,000, mutumin ya kawo 300,000 a Afrilu. Na canza ranar, na canza kuɗin, na rubuta 300,000, tebur ya ce ana binsa 400,000. Da na karanta wa Baffa sai ya girgiza kai.

"Ɗari huɗu da hamsin ne. Ina cikon bara?"

"Baffa, ai na'ura ce ta lissafa."

"To na'urar ba ta nan ranar da ya ce mini zai ciko."

Shi ke da gaskiya. Hayar shekara biyu 1,300,000 ce, abin da ya shigo 850,000, saura 450,000. Tun daga ranar na buɗe sabon fayil na fara daga tushe.

Abin da ya gyara lamarin shi ne na daina ba fulat layi ɗaya. Yanzu kowace shekarar haya tana da nata layin, da lambarta: A3-2024 daban, A3-2025 daban. A shafin farko, wanda na kira Haya, jerin A lambar ce, B sunan mai haya, C kuɗin shekarar, D ranar da shekarar ta fara, wato ranar da kuɗin ya wajaba. Shafi na biyu, mai suna Biya, babu komai cikinsa sai kuɗin da suka shigo: rana a A, lambar shekarar da kuɗin ke biya a B, adadi a C. Ba a goge komai a wannan shafi, ƙari kawai ake yi a ƙasa. Kuɗin Afrilu na mutumin A3 sai na raba shi layi biyu, 50,000 ga A3-2024, 250,000 ga A3-2025. Tsohon bashi ake fara kashewa. Fomular bashin ita ce:

```
=IF(D2<=TODAY(), C2-SUMIF(Biya!B:B, A2, Biya!C:C), 0)
```

Ma'anarta, in ranar biya ta yi, a cire duk abin da aka biya da wannan lamba daga kuɗin shekarar. In ba ta yi ba tukuna, kada a kira shi bashi. Ranar sabunta haya kuma wannan ke fitar da ita:

```
=EDATE(D2, 12)
```

Na sa akwatin ya koma ruwan ɗorawa in saura kwana sittin, don Baffa ya samu sararin tuna wa mutum cikin mutunci, ko ya san in tashi zai yi.

Akwai kuskure guda da ni kaɗai na yi. Ban duba tsarin kwanan wata na fayil ɗin ba, ashe yana kan na Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana. Na rubuta 3/4/2025 ina nufin 3 ga Afrilu, ya ɗauka 4 ga Maris, har ya nuna wata baiwar Allah ta makara alhali lokacinta bai yi ba. Abin da ya tona asirin shi ne 15/3/2025: tun da babu wata na 15, sai ranar ta maƙale a gefen hagu na akwatin kamar rubutu, fomular kusa da ita ta fitar da `#VALUE!`. A kwamfuta na shiga File, Settings, na mai da Locale zuwa United Kingdom, sannan na sake buga ranakun ɗaya bayan ɗaya, domin canjin ba ya gyara waɗanda aka riga aka shigar a karkace.

Batun fulat marasa kowa shi ya fi ba ni mamaki. Teburin da na saya ƙirga na yau kawai yake yi: ɗaya babu kowa cikin takwas, kashi 12.5 cikin ɗari. Gobe wani ya shiga, ya koma sifili, kamar ba a taɓa asara ba. Ni da kwanaki nake ƙirgawa. Fulat takwas sau kwana 365 ya ba da 2,920. A 2025 fulat B2 ya yi kwana 90 a kulle, A1 ya yi 45 ana fenti da gyaran famfo. Kwana 135 ke nan, kimanin kashi 4.6 cikin ɗari. Wannan adadin bai dami Baffa ba ko kaɗan, sai da na juya shi zuwa naira. B2 hayarsa 900,000 ce, kwana 90 ɗinsa kusan 222,000. A1 mai 700,000 ya ci kusan 86,000. Sama da 300,000 ke nan. B2 ɗin nan kuwa ya zauna a kulle ne saboda Baffa ya ƙi rage 50,000 ga wanda ya fara tayawa. Da na nuna masa sai ya yi shiru, can ya tambaye ni ko an kira la'asar.

Kuɗin ajiya na ɓarna, da na maigadi da kwasar shara, na ware musu shafinsu. In suka shiga shafin Biya sai su rage bashin haya a ƙarya.

Shi Google Sheets ɗin ya biya mini buƙata: kyauta ne, kuma na ba Baffa izinin kallo kawai, don kada yatsa ya goge fomula. Sai dai `TODAY()` kullum tafiya take, lissafin jiya ba ya tsayawa, shi ya sa duk ƙarshen wata nake sauke shafin a PDF in ajiye. Shiryayyen teburin kuma, wanda masu hayarsa ke biya wata-wata zai iya morarsa. Mai hayar shekara kada ya saya.

Littafin mai jan bango yana nan a motar. Baffa har yanzu a ciki yake fara rubuta duk kuɗin da aka ba shi hannu, ni kuma in ɗauki hoton shafin ranar Asabar in shigar.