Layin hoto don littafin shafa launi: tacewar GIMP ko bin layi da hannu?

"Na ɗauki hoton doki a hawan sallah nan Garwa, ina son in mayar da shi zanen da yara za su shafa wa launi, amma layin yana yankewa. Wanne ya fi, GIMP ko Inkscape?"

Malama, GIMP ta fi sauri, domin tana neman duk inda haske ya haɗu da duhu ne ta ja layi a wurin. Za ki mayar da hoton baƙi da fari, ki ɗan dusashe shi da Gaussian Blur don gashin dokin kada ya zama ɗige-ɗige, sannan ki sa Difference of Gaussians, in layin ya fito fari a kan baƙi ki juya shi da Invert, ki ƙare da Threshold, wanda a manhajar Faransanci ake kira Seuil. Matsalarta ita ce ba ta san doki ba. Inda cikinsa ya haɗu da inuwarsa a ƙasa, duhu ne kan duhu, don haka layin yakan ɓace, alhali kowane zare na adon sirdi ya fito ya cunkushe takardar.

Ana toshe giɓi da Erode, wanda yake faɗaɗa baƙi da ɗigo ɗaya, wato pixel ɗaya, ta kowane gefe, sannan a bi shi da Dilate don kaurin ya koma yadda yake. A takardar A4 mai 300 dpi, wato ɗigo 300 a inci ɗaya, milimita ɗaya ɗigo 12 ne a ƙiyasce, saboda haka Erode sau biyu ba ya rufe giɓin da ya wuce ɗigo 4. Idan kika ƙara, giɓin cikin dokin yana nan, amma idonsa da zoben linzami sun toshe sun zama dunƙule, domin aikin yana shafar dukkan layuka lokaci guda.

A Inkscape kuwa, ba Trace Bitmap nake nufi ba, tunda Brightness cutoff yakan ba da cikakkun siffofi baƙaƙe, waɗanda rage kaurinsu yake da wuya. Ina nufin ki kulle hoton a ƙasa, ki bi shi da alƙalamin Bezier. A nan kauri lamba ce da kike rubutawa a Stroke style: ni nakan ba kewayen jiki milimita 1.5, adon ciki kuma 0.7, don yaro ya gane iyakar da zai tsaya. Idan bakin layi biyu bai haɗu ba, ki zaɓe su da Node tool ki danna Shift+J. Layin cikin da inuwa ta ɓoye kuwa, ke ce za ki zana shi.

Kowacce kika bi, ki gwada da Bucket Fill a GIMP kafin ki kai wurin bugawa: ki zuba ja a cikin dokin, in ya malala zuwa bango, akwai giɓi. Hoton ƙwarya ko tulu a jikin farin bango zan bar wa GIMP, amma wannan dokin naki da hannu zan bi shi, ko da zai cinye mini yammaci guda.