Miƙa ƙunshi ko neman ɓoye biyu-biyu: wanne ya fi wa yarinya mai kunya?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Za mu yi walima a gida nan Jos, yara kamar 12 za su zo, daga masu shekara 5 zuwa 8. 'Yata shekararta 6, in ta ga yara sai ta maƙale a jikina, ko magana ba ta yi. Wata ta ce in yi musu wasan miƙa ƙunshi, wata kuma ta ce in raba su biyu-biyu su nemi abin da aka ɓoye. Wanne zai fi taimaka mata ta samu ƙawa?"

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kai mu ranar lafiya. In ɗaya kawai za ki iya yi, ki ɗauki na biyu-biyu. Miƙa ƙunshi yana sa yaro ya saki jiki a cikin taro, amma da wuya a tashi daga shi da ƙawa. In kuwa akwai lokaci, ki yi duka, ki fara da ƙunshin. Abubuwa uku nake dubawa kafin in sa yaro mai kunya a kowane wasa: idanu nawa ne za su dawo kansa lokaci guda, ko dole sai ya yi magana, da kuma ko ana fitar da wanda ya faɗi.

Miƙa ƙunshi dai kin san shi. Yara su zauna a kewaye kan tabarma, ƙunshi yana yawo daga hannu zuwa hannu, in sauti ya tsaya wanda ke riƙe da shi ya ɓare fallen takarda ɗaya. Kyawunsa ga 'yarki shi ne ba ya neman ko kalma ɗaya daga bakinta, kuma tana ganin abin da na gabanta suka yi kafin ya iso kanta. Wata mai bincike a Amurka, Mildred Parten, ta bayyana tun 1932 cewa tsayawa kallon masu wasa, da yin wasa a gefen wani ba tare da an haɗa hannu ba, su ma nau'o'in wasa ne a wurin ƙananan yara. Saboda haka zaman da take yi tana kallo ba zaman banza ba ne, karantar wurin take yi.

Sai dai yadda aka saba yin sa a wuraren biki shi ke ɓata shi. A sa kyauta ɗaya tak a tsakiya, ko a rubuta hukunci a kowane falle, wai "tashi ka yi rawa" ko "ki yi mana waƙa". Wannan ga yaro mai rawar kai daɗi ne, ga mai kunya kuwa azaba. Ki naɗe shi falle 12 da tsohuwar jarida, kowane falle da alawa ɗaya, babu hukunci. Mai tsayar da sautin, ko waya ce ko tafi ko buga cokali a kwano, ta riƙa satar kallo don kowa ya samu sau ɗaya. Ta tsayar a hannun 'yarki a karo na uku ko na huɗu. In ta zama ta farko ba ta ga yadda ake yi ba, in kuma aka bar ta ƙarshe fargaba ta gama cika mata ciki. Kada ki manne takardar da salatif da yawa, domin yarinyar da ke kokawa da ƙunshi yara 11 suna kallonta za ta iya ajiye shi ta fashe da kuka. Kwata ɗin awa ya ishe shi.

Iyakarsa ke nan. Kowa ƙunshin yake kallo, ba wanda ke kallon na kusa da shi. Za ta iya yin wasan daga farko har ƙarshe, ta samu alawarta, ta dawo gindinki ba ta san sunan kowa ba.

Na biyu-biyun ya fi wahalar shiri, amma a nan aikin yake. Taron mutum 12 ya koma mutum ɗaya da za ta fuskanta, kuma ga abin yi a hannu, ba a ce ta ƙirƙiro hira ba. Maganar da wasan ke jawowa 'yar gajera ce, "ga shi can", "duba ƙarƙashin turmi", wadda ko da nuni da yatsa ta wadatar. A gari irin Jos, inda za ki tarar da 'ya'yan maƙwabta wani da Hausa ya taso, wani Turanci ya fi masa sauƙi, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Ga yadda zan shirya shi da yaranki 12. Ki je wajen tela ki roƙi guntayen yadi kala 6 da suka bambanta sosai, ki yanka kowace kala gida 7, kamar faɗin tafin hannu. Biyu daga ciki na ɗaura wa yaran a hannu ne, biyar na ɓoyewa, kin ga 30 ke nan za a ɓoye. Na fi son ƙyalle a kan marfin kwalba ko duwatsu saboda gidan walima ba ya rasa masu rarrafe, kuma duk abin da suka tsinta baki yake tafiya. Ki ɓoye su a inda yaro zai gani ba tare da ya hau komai ba: bayan tukunyar fulawa, jikin igiyar shanya, ƙarƙashin kujera 'yar tsugunno. Ki nisanci wajen murhu, rijiya da bakin ƙofar waje. In lokacin damina ne, kin san ruwan Jos da rana tsaka yake son saukowa, sai ki tanadi falo da baranda.

Kowane biyu a ba su ɗan bokiti ɗaya, kuma doka ɗaya ce: kowannensu ya ɗora hannu ɗaya a kan mariƙin, ba a saki. Wannan dokar ita ce ƙashin bayan wasan. In babu ita, mai zafin naman zai ruga ya kwaso biyar ɗin shi kaɗai, 'yarki tana tsaye inda aka bar ta. Kowa kalarsa kawai zai ɗauka, in ya ga ta wasu ya bar musu ko ya nuna musu. Ba na ɗaya ba na ƙarshe. Duk wanda ya gama ya zuba a tire guda a tsakar gida, in aka ƙirga 30 cif sai a fito da cincin da zoɓo kowa ya samu. Da haka waɗanda suka riga gamawa sukan koma taya sauran nema maimakon yi musu dariya.

Wajen rabon abokan ne ake yawan yin ɓarna. Kada ki ce "kowa ya zaɓi nasa", domin mai kunya ita ake bari a ƙarshe, kuma tana gani. Ki sa ƙyallayen a jaka kamar ƙuri'a, amma ke kin riga kin san wadda za ki miƙa wa wa. Yarinyar da za ki haɗa ta da ita ta kasance mai sanyin hali amma mai ɗan surutu, sa'arta ko wadda 'yarki ta girme ta da shekara guda. Iyaye sukan so haɗa mai kunya da babbar yarinya wai ta kula da ita, sai babbar ta mayar da ita 'yar tsana, ta yi mata komai har da amsa tambaya. Akwai binciken da Furman da abokan aikinsa suka wallafa a 1979 kan yaran nazare masu janye jiki, inda aka ga waɗanda aka haɗa wasa da ƙananansu sun fi sakin jiki daga baya. Dalilin a fili yake: a gaban ƙarami ita ce mai nuna hanya. Haka kuma kada ki haɗa ta da 'yar uwar da kullum take liƙe da ita, za su yi wasansu lafiya amma ba sabuwar ƙawa. In adadin yaran ya zo mara, ki sa mutum uku a wani bokitin, ban da nata, domin a cikin uku biyu ne ke haɗa kai.

Tunda a gidanku ne, kina da wata dama da mai zuwa bikin wasu ba ta da ita. Ki roƙi maman yarinyar da kika zaɓa ta kawo ta rabin awa kafin kowa. Ki ba su aikin jera kofuna ko shimfiɗa tabarma, ki ja gefe. Lokacin miƙa ƙunshi ki zaunar da su kusa da juna, sannan in an zo rabon ƙyalle "sa'a" ta haɗa su.

Yadda za ki gane yana ci: ba sai kin ji muryarta ba. Ki duba ko tana nuna wa abokiyar wuri da yatsa, ko tana jan bokitin zuwa inda take so, ko an gama wasa amma ta bi ta wajen cin cincin ba ta waiwayo ki ba. In kin ga haka ki miƙa musu 'yan duwatsu su zauna carafke a gefe nesa da jarirai, ki ƙyale su. In kuwa ta fara tauna bakin hijabinta, ko ta ce cikinta na ciwo, ko ta nemi banɗaki sau biyu a jere, abin ya yi mata yawa. Ki ba ta aikin zama kusa da tire tana karɓar ƙyallaye tana ƙirgawa. Tana cikin wasan har yanzu, kuma kowane yaro sai ya zo gabanta ɗaya bayan ɗaya.

Wasan zagaye kujeru, langa, gasar rawa da jini-jini duk ki ajiye su sai wani jiƙon. Ko dai ana fitar da wanda ya faɗi, ko ana ture-ture, ko kuma a yi wa mai kuskure ca.

Manya ma sai kin yi musu magana tun kafin ranar, musamman gwaggo da inna masu cewa "ke ba kya magana ne?" ko "ai ita haka take, kunya gare ta" a gaban yara. Da zarar an faɗi haka sauran yaran sun ji, sai su daina gwada yi mata magana. In wani ya tambaya ki ce "tana zuwa, sai ta gama kallo", ki sauya zance.

Abu ɗaya da wasa ba zai gyara ba: in a gida tana surutu kamar kowa, amma a makaranta ko Islamiyya malamai sun ce ba ta furta komai sam fiye da wata guda, ban da watan farko na shiga sabon aji, to wannan ya wuce kunyar da aka sani. Ki kai ta wajen likitan yara a duba, ki tafi da bayanin malamarta kan lokacin da abin ya fara da kuma waɗanda take yarda ta yi wa magana.