Gargaɗi: masu sayar da takardar PMP ta bogi sun shigo Zariya

Jama'ar Zazzau, musamman masu hidimar ƙasa da waɗanda suka gama karatu kwanan nan, don Allah ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi.

Wasu mutane suna kama ɗakin taro a Samaru, suna tallar kwas na Asabar da Lahadi biyu, wai a ƙarshe za ka fito da PMP, shaidar ƙwarewa a gudanar da ayyuka. Ƙanena ya biya naira 60,000, kuɗin da ya tara daga alawus. Sun yi jarrabawa a kan takarda, tambaya 40, kowa ya ci. Aka ba shi kwali mai hatimin ruwan zinare, har gilashi muka sa masa a falo. Sai da ya je intabiyu Abuja, matar da ke tantancewa ta buɗe rajistar PMI, cibiyar da ke ba da shaidar, ta rubuta sunansa, babu shi. Ta juyo masa da kwamfutar ta ce, "Malam, wa ya ba ka wannan?" Ya ce mini ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

PMP ta gaskiya tana ɗaga albashi, musamman a ƙungiyoyin agaji da kamfanonin gine-gine da na sadarwa, kuma dalilin shi ne wuyar samunta. Cibiyar PMI da ke Amurka ce kaɗai ke bayarwa. Mai digiri sai ya nuna wata 36 yana jagorantar ayyuka, da awa 35 na horo, kafin a bar shi ya zauna jarrabawar. To yaron da jiya-jiya ya baro aji, ina ya samo shekara uku? Nan ne ya kamata mu farga, ni kaina ban tambaya ba, kuma abin yana damuna har yau.

Rajista kuwa kai za ka yi da hannunka a pmi.org, kuɗin jarrabawa ɗaruruwan daloli ne, ba a tura shi asusun wani mutum. Ana rubuta ta a kwamfuta ƙarƙashin sa idon kamfanin shirya jarrabawa Pearson VUE, kusan awa huɗu. Su kuma masu kwas ɗin Samaru ce wa yaran suka yi takardarsu ta har abada ce, alhali ta gaskiya duk shekara uku ake sabunta ta.

Ba duk mai koyarwa ne macuci ba. Na kirki zai faɗa maka takardarsa ta halartar horo ce kawai, jarrabawa tana gaba. Ka nemi cikakken sunan malamin ka duba shi a rajistar, ka kuma tambaye shi a ina ɗalibansa suka rubuta tasu. Idan ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka.

Wanda bai da shekarun aiki, CAPM, ƙaramar shaidar PMI ta masu farawa, ce daidai shi: shaidar sakandare da awa 23 na horo sun isa. Ita ƙanen nawa yake karatu yanzu. Lambar mutanen kuwa tun ranar da muka nemi a maido kuɗi take a kashe, amma na ji an ga irin fostarsu a Kongo da Sabon Gari.